Sabon shugaban sashe: ta ina za a fara a kwana casa'in na farko?

*Assalamu alaikum Farfesa. An ba ni takardar naɗi a matsayin shugaban sashenmu a nan Zariya, sati biyu da fara zangon karatu. Muna da malamai 14 da ɗalibai 480, ga kuma ɗalibai 38 da suka gama tun bara amma sakamakonsu bai fita ba. Shugaban tsangaya ya ce in kawo masa tsarin abin da zan yi a kwana 90 na farko. Ta ina zan fara?*

Wa alaikumus salam, Dakta. Allah Ya taya ka riƙo, Ya sa ka gama lafiya.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ka tashi ka je ofishin jami'in tsangaya ka karɓo kalandar zangon nan, ka tambaye shi ranaku uku: ranar da tsangaya za ta zauna duba sakamako, ranar da majalisar jami'a, wato Sanet, za ta zauna, da ranar fara jarrabawa. Waɗannan ranaku ba kai ka sa su ba, ba ka kuma da ikon ɗaga su, saboda haka a kansu za ka gina tsarinka, kana lissafi daga baya zuwa gaba. Yawancin tsare-tsaren da sababbin shugabanni suke kawowa raba kwanakin suke yi gida uku, talatin na saurare, talatin na shiri, talatin na aiwatarwa. Wannan yana da kyau a takarda, amma sashen jami'a ba ya tafiya a kan wata-wata, a kan zango yake tafiya. Idan ka ɗauki kwana talatin kana saurare kawai, zaman Sanet zai wuce ka, yaran nan 38 su ƙara wata uku ko huɗu a gida.

Duba yadda lissafin ya faɗa maka. Kwana 90 sati 13 ne, ba kwana ɗaya. Cikakken zango sati 15 ne na lakca kafin jarrabawa, kai kuma ka shigo an ci biyu. Ke nan ranarka ta casa'in za ta same ka a bakin ƙofar zauren jarrabawa. Idan kuma kalandarku irin matsattsiyar nan ce da jami'o'i da yawa suka koma yi bayan yajin aikin wata takwas na 2022 don su cike giɓi, to jarrabawar ma a cikin kwanakinka za ta faɗo. Don haka alkawari biyu kacal nake ba ka shawara ka rubuta wa shugaban tsangaya. Na farko, kowane ɗaya daga cikin yaran nan 38 zai san matsayinsa, waɗanda suka cancanta kuma sunansu zai shiga zaman Sanet mai zuwa. Na biyu, jarrabawar wannan zangon za a shirya ta yadda ba za ta haifar da wasu sababbin 38 ba. Duk wani abu, gyaran manhaja ne, taron ƙara wa juna sani ne, fentin ofis ne, ka rubuta shi a shafi na biyu a ƙarƙashin abin da za a duba bayan jarrabawa.

Zan yi maganata bisa ƙa'idojin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, tunda digiri kuke bayarwa. Wanda yake kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Nuhu Bamalli, hukumar NBTE ce a kansa kuma majalisarsu ta harkokin karatu ce a madadin Sanet, amma hanyar da sakamako yake bi kusan ɗaya ce.

Sati biyun farko na karɓar amana ne. Ka nemi takardar miƙa ragama a rubuce daga wanda ka gada, kada ka yarda da "ai komai yana wurin sakatare". Ka zauna da shi awa guda, ƙofa a rufe, da takardar a gabanku, ku bi ta layi-layi: jerin malamai da matsayin kowa, rabon kwasa-kwasai na wannan zangon, kayan ofis da na ɗakin gwaji, makullai, ragowar kuɗin gudanarwa da rasitansu, ƙararrakin satar jarrabawa da ba a gama ba, da wasiƙar NUC ta ƙarshe kan tantance sashen. Sannan ka yi masa tambayar da ba ta cikin takarda: wane alkawari ka yi wa wani da baki wanda zai zo ya tuna mini? Kusan kullum akwai. Wani an ce za a rage masa kwas idan ya fara rubuta kundin digirinsa na uku, wata an ce za a sa hannu a takardar ƙarin girmanta. Gara ka ji daga bakinsa yau. Abin da ba ka gani da idonka ba kada ka sa hannu cewa ka karɓa. Idan takarda ta ce kwamfuta 12, ka ƙirga, in tara ka samu ka rubuta tara, ku sa hannu tare, kwafi ya je wa shugaban tsangaya. Wannan ba cin fuska ba ne, ranar da odita ya zo ku biyun zai kare.

A cikin satin nan kuma ka taka da ƙafarka ka gaida manyan sashen ɗaya bayan ɗaya, a ofisoshinsu, kada ka aika a kira su. Wasunsu sun koyar da kai, kuma bayan shekara biyu ko makamancin haka za ka sauka ka koma cikinsu. Ba sai ka yi dogon bayani ba: "Ranka ya daɗe, an ɗora mini nauyi, na zo neman shawara. Mene ne abu ɗaya da kake ganin bai kamata ya kai ƙarshen zangon nan ba a gyara shi ba?" Ka yi wa ƙananan malamai tambayar, ka yi wa sakatare da masinja da mai kula da ɗakin gwaji. Sakataren da ya shekara goma sha a sashe ya san inda kowane fayil ya kwana, ya san malamin da sai an bi shi gida kafin ya kawo maki. Ka rubuta abin da ka ji, amma kada ka yi wa kowa alkawari a wannan zagayen, ko da ƙaramin abu ne.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: kada ka canza jami'in jarrabawa yanzu, ko da kowa ya ce maka shi ne matsalar. Tarihin yaran nan 38 yana kansa da cikin kwamfutarsa. Idan ka sauke shi a tsakiyar zango, sabon zai ci wata biyu yana koyon fotal, tsohon kuma ba zai ɗaga maka waya da sauri ba. Ka ba shi mataimaki wanda ka yarda da shi, ka sa a yi kwafin duk fayilolin sakamako a ajiye a ofishinka, canji kuma ya jira ƙarshen shekarar karatu. Banda guda ɗaya: idan ka ga hujja a rubuce ta taɓa maki, to wannan ya wuce maganar canji, rahoto ne za ka kai wa shugaban tsangaya a ranar.

Yanzu ga ainihin aikin. "Sakamakonsu bai fita ba" ba matsala ɗaya ba ce, matsaloli ne daban-daban da aka ɗaure a dami guda, kuma muddin suna dami guda ba mai iya ɗaukarsu. Ka ware yini biyu, kai da jami'in jarrabawa da mai kula da ajin ƙarshe, a fito da fayil ɗin kowane ɗalibi a ɗora a kan tebur. A buɗe shafi guda, kowane ɗalibi layi ɗaya: lambarsa, kwas ɗin da ya tsaya, shekarar da ya rubuta shi, malamin da ya koyar, abin da ya ɓace, da sunan mutum ɗaya da zai nemo shi zuwa rana kaza. Kada ka bar gurbin suna ya zama "sashe" ko "kwamiti". Abin da aka ba kowa ba wanda zai yi shi.

Mu ƙaddara bayan kun gama ga abin da ya fito, don ka ga yadda ake bi. Ɗalibai 16 makinsu ne babu a wani kwas na cikin gida. Tara makinsu ya maƙale a kwasa-kwasan aro, na wasu sassa ko na nazarin gama-gari. Shida sun rubuta jarrabawa amma rajistar kwas ɗin ba ta dace da abin da suka rubuta ba. Huɗu da gaske sun faɗi wani kwas ko yunit ɗinsu bai cika ba. Uku kuma sakamakonsu lafiya lau, suna ne ko bayanin shigarsu jami'a bai yi daidai da na JAMB ba.

Sha shidan nan su ne a hannunka, da su za ka fara. Ga kowane ɗaya takardu uku za ka nema, a jere. Fom ɗin rajistar kwas, don ka tabbatar ya yi rajista. Takardar sa hannu ta zauren jarrabawa, wadda ɗalibi yake rubuta lambarsa ya sa hannu, don ka tabbatar ya zauna. Sai takardar amsarsa. Ka shiga ɗakin ajiya da kanka. Za ka tarar da damman takardu ɗaure da igiya, an rubuta lambar kwas da maka a bayan ambulan, ƙurar hunturu ta rufe su. Ka sa a kwance na kwas ɗin, a ƙirga, a gwada adadin da na takardar sa hannu. Sau da yawa takardar yaron tana nan, an duba ta, ga maki da jan biro a kusurwa, wajen kwafewa ne aka tsallake layi, ko yaron ya rubuta lambarsa da kuskuren adadi ɗaya makin ya tafi ga lambar da babu mai ita. Irin wannan a yini ɗaya ake gama shi: malamin kwas ya cika takardar gyaran maki, a liƙa kwafin shafin farko na takardar amsa, ka sa hannu.

Idan ya sa hannu a zaure amma takardar ta ɓace, laifin ba nasa ba ne, amma kai ma ba ka da ikon ƙirƙira masa maki. Za a zo maka da shawarar a ba shi 50 a wuce wurin, ko a ninka makin tes ɗinsa. Kada ka karɓa. Ka rubuta wa shugaban tsangaya, ka haɗa hujjojin, a bi abin da dokar jarrabawa ta jami'arku ta tanada a kan takardar da ta ɓace, wanda galibi ba shi damar sake rubutawa ne ba tare da an lissafa masa faɗuwa ba. Idan kuwa babu sa hannunsa a zaure, to bai zauna ba, ko me ya faɗa.

Bari in nuna maka dalilin da ya sa nake nacewa a kan hujja. Ɗauki ɗalibi ɗaya cikinsu: ya yi yunit 141, jimillar makinsa na daraja 489, saura kwas ɗaya mai yunit 3 da ba a ga makinsa ba. A ma'aunin maki biyar, A biyar ce, B huɗu, ana ninkawa da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit, kuma daraja ta biyu babba daga 3.50 take farawa.

```
A: (489 + 15) / 144 = 3.50
B: (489 + 12) / 144 = 3.48
```

Ka ga tsakanin 69 da 70, wato B da A, a takarda ɗaya da ta ɓace, nan darajar digirinsa take. Yaron ya san wannan lissafin, iyayensa ma sun sani. Kuma nan Zariya ce, kowa ya san wani. Za a tare ka bayan sallar Juma'a, za a tare ka a wurin ɗaurin aure a cikin Birni, wani dattijo da ba ka iya haɗa ido da shi zai zo gidanka bayan magariba ya ce yaron nan ɗanka ne. Abin da zai cece ka shi ne ka riga ka sa ƙa'ida tun kafin kowa ya zo, ka faɗe ta a taron sashe, aka rubuta: ba a shigar da maki sai da takardar amsa ko amincewar tsangaya. Sai ka karɓi dattijon da girmamawa, ka ce masa, "Baba, abin ba a hannuna ni kaɗai yake ba, amma zan tabbatar an nemo takardarsa, abin da ya ci kuma ba wanda zai rage masa." Ka cika wannan. Idan ka karya wa mutum ɗaya, kafin sati ya zagayo sauran 37 sun ji.

Taran da suke wasu sassa, wasiƙa kaɗai ba ta fito da su. Ka rubuta, da lambobin ɗaliban da kwas da shekara, ta hannun shugaban tsangaya idan wata tsangayar ce, amma ka ɗauki kwafi ka kai wa takwaranka hannu da hannu, jami'in jarrabawarka kuma ya zauna da nasu. Su ma suna da nasu da suka maƙale a wurinku, ka tambaya ka fara sakar musu. Idan sashen yana wata harabar daban, ka sa a tafi da safe a wuni can, a dawo da takarda mai sa hannu da hatimi, ba hoton allon kwamfuta a waya ba.

Shidan nan masu matsalar rajista sun fi buƙatar natsuwa. Tun da NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS a Disambar 2022, wadda hukumar ta tsara kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30, sassa da yawa suna tafiyar da manhaja biyu a lokaci guda, tsofaffin ɗalibai a kan tsohuwa, sababbi a kan sabuwa. Ɗalibin tsohuwar manhaja da ya dawo maimaita kwas sai ya tarar lambar ta canza, ko yunit ya ragu daga uku zuwa biyu, ko an haɗe kwas biyu. Ya zauna da 'yan ƙasa da shi ya rubuta, malami ya shigar da maki a sabuwar lamba, fotal kuma yana nan yana nuna tsohuwar ba a ci ba. Maganinsa jadawalin daidaito ne, wato takarda da ke cewa wannan tsohon kwas ga madadinsa a sabuwa, sashe ya amince, tsangaya ta amince, ta wuce sama. Sau ɗaya ake yinta ta warware na bana da na baɗi. Wanda kuma ya rubuta kwas ɗin da bai yi wa rajista ba sam, ko ya haura iyakar yunit 24 a zango ba da izini ba, wannan roƙo ne za a rubuta masa zuwa sama, kuma ana iya ƙi.

Huɗun da suka faɗi, ka kira su a satin da ka gane, ka gaya musu gaskiya a fuska. Wannan shi ne abin da ya fi gaggawa a duk jerin, ko da yake shi ne mafi rashin daɗi, domin idan kwas ɗin na wannan zangon ne kuma aka rufe rajista ba su sani ba, sun yi asarar shekara guda cur. Ka duba shekarar shigarsu kuma, domin digirin shekara huɗu yana da iyakar zama, galibi shekara shida, ka san ko akwai wanda sai an nema masa ƙarin lokaci. Ka tuna kuma wanda ya haura shekara 30 da haihuwa a lokacin kammalawa takardar yafewa NYSC take ba shi, ba ya zuwa bautar ƙasa, don haka jinkirin shekara ga wani yaron ba ƙaramin abu ba ne. Ukun ƙarshe kuwa ba aikin sashe ba ne, ka ba su wasiƙa zuwa ofishin harkokin karatu su je su daidaita da JAMB, domin wanda sunansa ba ya cikin jerin JAMB ba a tura shi bautar ƙasa ko Sanet ta amince da sakamakonsa.

To yanzu sai ka ɗora ranaku. Mu ce Sanet za ta zauna a ranarka ta 70, tsangaya kuma sati biyu kafin nan, rana ta 56. Sashe dole ya zauna ya amince da sakamakon aƙalla sati ɗaya kafin tsangaya, rana ta 49, don a samu lokacin gyara da buga kwafi. Jami'in jarrabawa yana buƙatar sati guda ya harhaɗa, ke nan duk maki ya shigo hannunsa zuwa rana ta 42. Idan za ka ba malamai da sauran sassa sati uku su nemo, wasiƙunka su fita zuwa rana ta 21. Ka ga ke nan zaman nan na yini biyu a kan fayiloli dole a yi shi a sati na uku, kana gama gaishe-gaishe. Ka cire ranakun hutun salla ko na Kirsimeti idan sun faɗo ciki, domin satin da ke kewaye da su ba a samun kowa. Ranakun da ka samo daga jami'in tsangaya za su bambanta da nawa, amma haka za ka yi lissafin.

Taron sashe na farko ka kira shi a sati na uku ko na huɗu, bayan shafin nan ya kammala. Ka raba kwafi ba tare da sunayen malamai ba a wanda aka raba, lambar kwas ta isa, kowa ya san nasa. Wanda makin ɗalibai goma suka maƙale a hannunsa ka riga ka gan shi a keɓe kafin taron, kada ya fara ji a gaban ƙannensa. Ajanda kada ta wuce abu uku, taron kada ya wuce awa ɗaya da rabi, sakatare ya fitar da bayanan taro cikin kwana biyu da sunan wanda zai yi me da rana. A ƙofar ofis kuma a liƙa lambobin ɗaliban, lamba kawai, da ranar da kowane rukuni zai ji bayani. Akwai yaron da yake biyan kuɗin mota daga Funtuwa ko Saminaka duk sati, ya sauka a Kwangila ya hau wata, don kawai a ce masa ya dawo wani satin. Ka tsayar masa da wannan.

Alkawari na biyu yana farawa da ƙirga malamai na gaskiya. Sha huɗu ne a takarda, amma nawa ne suke shiga aji? Idan uku suna ƙaro karatu ɗaya yana hutun shekara, goma gare ka. Ɗalibai 480 a kan 14 kusan 34 ne ga kowane malami, a kan 10 kuwa 48. Ma'aunin NUC malami ɗaya ga ɗalibai 30 ne a fannonin fasaha da zamantakewa da ilimi, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniya. Ko da na 30 aka auna ku, malamai 16 kuke buƙata. Ba za ka iya ɗaukar ma'aikaci a kwana 90 ba, wannan ya fi ƙarfin ofishinka, amma ka rubuta adadin a tsarin da za ka miƙa, domin shi ne hujjarka ta neman malaman wucin gadi ko na ziyara.

Abin da za ka iya yi shi ne ka hango inda maki zai makara tun kafin a rubuta jarrabawar. Ɗauki takardar rabon kwasa-kwasai, gaban kowane suna ka rubuta adadin ɗaliban da suka yi rajista. Kwas mai ɗalibai 160, idan kowace takarda ta ci minti 12, awa 32 ke nan. Malamin da aka jibga wa irinsa uku yana da awa 96 a gabansa, idan yana yin awa huɗu kullum ba fashi, kwana 24. Ka ba shi wa'adin sati biyu, ko dai ya makara, ko ya duba a gurguje ya tsallake layi, ko ya ba ɗalibansa na gaba da digiri su taya shi a ɓoye. Daga nan yawancin makin da ke ɓacewa yake samo asali, kuma galibi ƙaramin malami ne wanda ba ya iya cewa a'a. Kada ka rushe rabon a tsakiyar zango, ɗalibai sun saba da malaminsu. Ka ƙara malami na biyu a kan kowane babban kwas tun yanzu, a raba duba takardu bisa tambaya, wannan ya duba ta ɗaya zuwa ta uku, wancan sauran, da jagoran ba da maki guda ɗaya. Farfesan da yake da kwas ɗaya mai ɗalibai 25 ka je ka roƙe shi da kanka ya karɓi rabi. Kai ma ka ɗauki naka kason, a gani.

Sauran shirin jarrabawa ranaku ne kawai, ka sa su ka tsare. Makin tes ya shigo ofis kuma a liƙa wa ɗalibai sati biyu kafin jarrabawa, don mai ƙorafi ya yi tun takardarsa tana kusa. Tambayoyi da jagoran maki su shigo wajen rana ta 65, a tace su a zama guda, wayoyi a waje, na ajin ƙarshe su tafi wurin mai duba jarrabawa na waje da wuri, domin shi ma yana da nasa sashen. Dokar halartar kashi 75 na lakca, idan za ka yi aiki da ita, ka sanar yanzu kuma a fara ɗaukar suna, ba a farka da ita ana gobe jarrabawa. A zaure kuma abu ɗaya: mai sa ido ya ƙirga takardu ya gwada da sa hannu kafin ya fita, malamin da ya karɓa ya sake ƙirgawa ya sa hannu a littafi, idan ya dawo da su a sake ƙirgawa.

Wasiƙar NUC da na ce ka karɓa, ka duba kwanan watanta tun satin farko. Cikakkiyar amincewa shekara biyar take yi kuma sai an ci kashi 70, ta wucin gadi shekara biyu, wadda aka hana kuwa ana dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Idan saura fiye da shekara, ka naɗa mutum ɗaya ya fara tara fayil, ka ci gaba da aikinka. Idan ƙasa da shekara ce, ta zama alkawari na uku, ka gaya wa shugaban tsangaya a zamanku na farko. Takardun amsa da jagororin maki da rahoton mai duba na waje da kake gyara ajiyarsu yanzu suna cikin abin da masu tantancewa suke buɗewa. Kuɗi kuwa, kada ka kashe sisi ba rasit, kada ka karɓi kuɗin ɗalibai a hannu da sunan sashe, ka kuma hana sayar da takardun lakca dole.

Duk ranar Alhamis ka zauna minti ashirin da jami'in jarrabawa a kan shafin nan, ku ƙirga layukan da aka rufe. Idan rana ta 35 ta yi ba a rufe rabin na cikin gida ba, ba za ka kai rana ta 42 ba, ka daina aike ka fara zuwa da kanka. Idan layi ɗaya ya yi sati biyu da amsar "ana dubawa", takardar ba ta nan, ka mayar da shi rukunin waɗanda za a rubuta wa tsangaya. Idan kuma ka lura duk takarda sai ta kwana uku a teburinka, kai ne ka zama cikas, ka ware awa ɗaya kowace safiya ta sa hannu kafin ka buɗe ƙofa ga baƙi. Kada kuma ka riƙe waɗanda suka kammala don jiran saura. Idan rana ta 49 ta yi 25 ne suka shirya, ka tura 25, sauran 13 ka rubuta wa shugaban tsangaya dalilin kowanne da zaman da za su shiga.

Takardar da za ka miƙa masa kada ta wuce shafi biyu: alkawuran biyu a sama, ranakun a jere da sunan mai alhakin kowace, adadin malamai da ɗalibai, sai abu biyu ko uku da kake buƙata daga gare shi, kamar sa bakinsa a kan makin da ke wasu tsangayoyi da gurbi a ajandar zamansu. Ka kai masa da kanka, ka nemi ya ba ka minti goma sha biyar a rana ta 45 da ta 85 ku sake dubawa tare.